Farin Ɗango: Abin da Ke Faruwa a Hamada Kafin Bala'in Ya Iso Gona

A arewacin Nijar, tsakanin duwatsun Ayar da filin Tamesna, akwai wata fara da matafiyi zai yi kwana da kwanaki yana ratsa daji bai lura da ita ba. Launinta ruwan ƙasa ne, 'ya'yanta kuma kore, sai su saje da ciyawar da suke kai. Da rana tana laɓe, sai dare ya yi take tashi. Abin da ya fi kome ban mamaki a halinta shi ne ƙyamar 'yan uwanta: in ta hango wata fara irinta sai ta juya ta yi nata wuri, ba ta neman kowa sai lokacin barbara. Ba ta da wata ɓarna da za a kai ƙara a kanta, don ko gona ba ta cika gani ba.

Wannan farar ce dai farin ɗangon da suka rufe sararin Nuwakshot a damunar 2004, suka bi ta Mali da Nijar da Chadi suna aske gero da ciyawar dabbobi. Ba danginsu ba ce, ba kuma mai kama da su ba ce. Ita ce su, jini ɗaya, iri ɗaya.

Masana ma sun daɗe ba su gane haka ba. Har farkon ƙarni na 20 suna lissafa fara mai zaman kaɗaici da fara mai tafiya a runduna a matsayin halittu biyu, kowace da sunanta a littafi, domin launinsu daban, sifar jikinsu daban, halinsu kuwa ko kusa. Abin da ya riƙa ɗaure musu kai shi ne inda rundunar take ɓuya idan annoba ta wuce, shekara biyar ko goma ba a ji ɗuriyarta ba, sannan ta sake ɓullowa. A 1921 wani masanin ƙwari ɗan Rasha, Boris Uvarov, ya warware wannan ƙulli. Ya nuna cewa rundunar ba ta ɓuya ko'ina. Watsewa take yi, jikokinta su koma farin daji masu gudun juna, su ci gaba da zama a gaban idon kowa ba a shaida su ba. A kan wata fara dabam ya fara gano haka, daga baya aka tabbatar farar hamada ma haka take. Cikin dubban ire-iren fara da ke duniya, waɗanda ke iya wannan rikiɗa ba su kai ashirin ba. Galibin farin da ke cin gero a gonakinmu kowace shekara ba sa cikinsu. Suna ɓarna, wani lokaci mai yawa, amma ba sa haɗa rundunar da za ta ƙetare ƙasashe.

To, me ke sa mai gudun jama'a ta koma mai neman jama'a?

Ana yawan cewa ruwa ne ke kawo fara, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai rabin labarin ke nan. Ruwa yana ƙara yawansu ne kawai. Macen fara ba ta yin ƙwai a busasshiyar ƙasa. Tana laluben yashi mai danshi, ta miƙa bayanta ta tura shi cikin ƙasa kamar zurfin santimita 10 zuwa 15, ta zuba ƙwai a dunƙule, ta toshe ramin da wata kumfa. Mace mai zaman kaɗaici takan zuba ƙwai ɗari ko fiye a zama ɗaya, kuma tana iya maimaitawa sau uku a rayuwarta. In akwai zafi, cikin mako biyu sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su da fuka-fuki, sai tsalle. Sukan yi saɓa sau biyar ko shida cikin kwana 30 zuwa 40 kafin fuka-fuki su fito, sannan bayan wasu makonni su ma su isa yin ƙwai. A shekarar da hamada ta bushe, mafi yawansu mutuwa suke yi tun suna ƙanana. A shekarar da ta sha ruwa ciyawa ta tsiro, masu tsira sukan yi yawa, har yawan fara ya ninka kamar sau 20 cikin wata uku. In danshin ya jure aka sake zagaye na biyu, ya zama sau 400. Na uku, sau 8,000.

Duk da wannan yawa, muddin ciyawa na shimfiɗe ko'ina, kowace fara tana da wurin da za ta kauce wa 'yar uwarta, kuma kaucewar take yi. Matsala tana farawa ne ran da ruwa ya ɗauke. Tudu ke fara bushewa, sannan fili, sai kore ya rage a cikin kwari da bakin ƙorama da gindin 'yan bishiyoyi. Farin da da suke warwatse a faɗin daji sai yunwa ta koro su zuwa waɗannan 'yan tsibiran ciyawa. Kamar rijiya ce tilo a tsakiyar rani: ko makiyayan da ba sa ga-maciji da juna dole su haɗu a bakinta. Nan fa ake gogayya, wannan ta taka wannan, waccan ta ture waccan, a kan tsiro ɗaya.

Gogayyar nan ita ce makunnin. Stephen Simpson da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun gwada abin ta hanya mai sauƙi har ta so ta ba da dariya. Sun ɗauki fara mai zaman kaɗaici, suka riƙa shafa mata ƙaramin burushin fenti a wani sashe na jiki, daƙiƙa biyar a kowane minti, har tsawon awa huɗu. Wata a ka, wata a ciki, wata a ƙafar gaba, wata a fuka-fuki. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewa shafar yawancin sassan nan ba ta canza kome. Amma wadda aka shafa wa cinyar ƙafar baya, wannan kakkaurar cinya da take tsalle da ita, sai ta tashi daga gwajin da sabon hali: ta daina gudun sauran fari, ta fara nufar inda suke, ga yawan motsi. A cinyar akwai wasu 'yan gasu masu jin taɓi, kuma wurin da suke ya dace, domin gefen cinya ba ya yawan gogar wani abu idan fara tana tafiyarta ita kaɗai. Sai an cunkushe ne wata ke bugunsa. Akwai hanya ta biyu kuma, wato ganin sauran fari haɗe da jin warinsu a lokaci ɗaya. Gani kaɗai ko wari kaɗai bai cika yin tasiri ba.

A 2009 masu bincike daga Oxford da Cambridge suka gano abin da ke faruwa a ciki. Cikin awa biyu na cunkoso, wani sinadari da ake kira sirotonin yakan ninka kamar sau uku a jijiyoyin ƙirjin fara. Da suka ba fari maganin da ke toshe aikin sinadarin, sai aka cunkusa su amma halinsu bai canza ba. Da suka ƙara wa fara mai kaɗaici shi, sai ta fara neman jama'a ba tare da ta ga kowa ba. Sinadarin nan yana jikin ɗan Adam ma, yana da hannu a yanayin zuciya da barci, amma wannan wani zance ne.

Daga nan abin ke ciyar da kansa. Farar da ta fara son taro tana shiga taro, shigarta na ƙara gogayya, gogayya na juya wasu. Da farko 'yan ƙungiyoyi ne na goma ko ashirin suna shan hantsi tare a kan yashi. Bayan kwanaki sai ƙungiyoyin su haɗe.

Hali ne ke canzawa cikin awoyi. Jiki yakan ɗauki lokaci. Ɗangon da ya tashi cikin cunkoso, in ya yi saɓa sai ya fito da ɗigon baƙi, a saɓa ta gaba baƙin ya ƙaru, har ya zama baƙi da rawaya ƙarara, wanda ake hangowa daga nesa. Ba ado ba ne. Fara mai kaɗaici tana ƙin wasu tsire-tsire masu guba na hamada, mai taro kuwa tana cin su, sai naman jikinta ya yi wa ƙadangare da tsuntsu ɗaci, launin kuma ya zama gargaɗi. Wanda ke cikin dubbai ba shi da halin ɓuya, don haka gara ya tsoratar. Idan fuka-fuki suka fito, farar takan zama ja-ja mai haske, kuma wannan ce mafi haɗari, domin ita ce mai ci da yawa da tafiya mai nisa. In ta isa barbara sai ta koma rawaya, musamman namiji. Ma'aikacin da ya san aikinsa da launi kawai yake karanta labari: ja-ja na nufin ɓarna yau, rawaya na nufin ƙwai a ƙasa da sabuwar ɓarna bayan wata ɗaya ko biyu.

Wani abin da ke sa annoba ta yi wuyar mutuwa shi ne gado. Uwar da ta sha cunkoso tana zuba ƙwai kaɗan, ƙasa da 80 a zama ɗaya, amma manya, kuma 'ya'yan da za su fito baƙaƙe ne tun daga ranar farko, da halin taro a jikinsu. Iyayen kuma a wuri ɗaya suke zuba ƙwan, har akan sami ɗaruruwan ramuka a murabba'in mita ɗaya. Saboda haka sabon zubi ba ya farawa daga tushe. A cikin cunkoso yake buɗe ido. Sai an yi zubi biyu ko uku a haka kafin sifar jiki ta gama juyewa, komawa baya ma sai an bi zubi-zubi.

Ɗangon ba ya zama wuri ɗaya. Idan yawansu ya kai wani mizani, sai ka ga duk sun fuskanci gefe ɗaya sun kama tafiya, ba shugaba, ba mai ba da umarni, wani lokaci faɗin sahun ya kai ɗaruruwan mita. Bincike ya nuna cewa ba zumunci ne zalla ke tafe da su ba. Suna fama da ƙarancin gishiri da abinci mai gina jiki, kuma mafi kusa da ke ɗauke da waɗannan shi ne ɗan uwan da ke gaba. Wanda ya tsaya ko ya ji rauni, na baya su cinye shi. Tafiyar ta ƙunshi bin na gaba da gudun na baya.

Manyan kuwa, da suka samu fuka-fuki sai su sauya lokacin tashi daga dare zuwa rana. Sukan kwana a kan bishiyoyi, da safe su sauko su sha rana har jiki ya yi ɗumi, da hantsi su tashi, sai wajen faɗuwar rana su sauka. Iska suke bi, kuma a yini ɗaya suna iya cin kilomita 100 zuwa 150. Bin iskar nan ba wauta ba ce. Iskoki suna kwarara ne zuwa inda suke karo da juna, nan ne kuma hadari ke haɗuwa. A yankinmu wurin karon shi ne inda busasshiyar iskar arewa ke gamuwa da iskar damina mai tasowa daga teku. Ke nan iskar da ke kawo wa manomi ruwa ita ce ke kawo masa fara, a kan lokacin da gonarsa ta yi kore. Wani lokaci iskar takan yaudare su. A Oktoban 1988 wasu runduna sun tashi daga Afirka ta Yamma suka ƙetare Tekun Atlantika har tsibiran Karebiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000.

Batun ɓarna kuma lissafi ne mai sauƙi. Babbar fara nauyinta kamar giram biyu ne, kuma tana iya cin kwatankwacin nauyinta na ɗanyen ganye a yini. Giram biyu ba kome ba ne. Amma a murabba'in kilomita ɗaya na runduna akan sami fara miliyan 40, wani lokaci har 80. Mu ɗauki ƙaramin adadin: tan 80 ke nan a yini, nauyin buhu 800 masu kilo ɗari-ɗari. In aka raba wa kowace hekta rabonta, fara 400,000 ne ke sauka a kanta, masu iya cin kilo 800 kafin gobe. Hektar gero a ƙasar Nijar kuwa sau da yawa ba ta wuce buhu huɗu ko biyar a shekara. Kuma runduna mai murabba'in kilomita ɗaya ƙarama ce ƙwarai. Wadda aka auna a arewacin Kenya a Janairun 2020 tsawonta kilomita 60 ne, faɗinta 40.

Ba yawan cin kaɗai ba ne. Lokacin zuwansu ma yana da nasa sharrin. Geron da aka ci ganyensa yana ƙarami yana iya sake tofowa in ruwa bai yanke ba. Wanda ya fitar da kai, ya yi bununi, ido ya fara cika da ruwan madara, in fara ta hau zangarniyar ta gaigaye ta, shi ke nan, babu sauran damina da za a sake wani. Farin hamada kuwa sukan cika fuka-fuki su haɗa runduna a Sahel ne daga wajen Agusta zuwa Oktoba, daidai wannan gaɓa. Ba sa kuma zaɓe: gero, dawa, wake, ganyen bishiya, ciyawar kiwo, duk ɗaya ne. Reshe ma yakan karye don nauyinsu. Shi ya sa bala'insu ya bambanta da na tsutsa ko tsuntsu. Manomi kan jingina da dabbarsa in gona ta ƙi, makiyayi kuma ya sayar da dabba ya sayi hatsi. Fara tana buge duka biyun a mako ɗaya, sai hatsi ya yi tsada a daidai lokacin da dabba ta rame ta faɗi a kasuwa.

Abin da ya faru daga 2003 zuwa 2005 ya nuna dukkan matakan nan a jere. Damunar 2003 ta yi kyau a Sahel, ruwa ya kai can arewa inda bai saba kaiwa ba, fari masu kaɗaici suka hayayyafa ba wanda ya damu. Da ciyawa ta fara bushewa a Oktoba, sai aka ga ƙungiyoyi sun ɓullo kusan lokaci ɗaya a Muritaniya da Mali da Nijar da Sudan. A wannan matakin yankunan da abin ya shafa ba su da faɗi sosai, kuma yawancin farin ɗango ne marasa fuka-fuki. Sai kuma a cikin watan na Oktoba aka tafka ruwa na kwana biyu daga Senegal har Maroko, a wuraren da kan shekara ba su ga ruwan kirki ba. Hamadar yamma ta yi wata shida tana kore. Farin da suka tashi daga Sahel suka samu wurin zubi na gaba, daga nan suka wuce gindin duwatsun Atlas a Maroko da Aljeriya suka sake wani a farkon 2004.

A Fabrairun 2004 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta nemi dala miliyan 9 don a tare abin. Kuɗin bai zo da wuri ba. Ai da wuya a shawo kan mai ba da taimako da labarin farar da ke cikin hamada, ba ta ci gonar kowa ba tukuna. Zuwa Yuni da Yuli iska ta juyo da rundunonin kudu, suka sauka a Sahel a kan shuka, suka zuba ƙwai, 'ya'yansu suka tashi a kan gero mai ido. A watan Agusta abin da ake nema ya kai dala miliyan 100. Kafin a gama, an yi feshi a kan hekta kusan miliyan 13, an kashe sama da dala miliyan 400. Ko a haka ma ba feshi kaɗai ya kashe wutar ba. Sanyi mai tsanani da aka yi a yankin Atlas a hunturun da ya biyo baya ya hana sauran farin hayayyafa.

A Nijar, yankunan Tillaberi da Tawa da arewacin Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana. Sai dai a yi adalci: yunwar 2005 ba fara kaɗai ta jawo ta ba. Ruwa ya ɗauke da wuri a 2004, kuma wannan ya fi fara rage amfanin gona in aka dubi ƙasar gaba ɗaya, ga tsadar hatsi da ta biyo baya. Amma lissafin ƙasa baki ɗaya yana ɓoye wani abu. Fara ba ta raba asara daidai. Tana iya share gonakin ƙauye ɗaya tas, ta tsallake na kusa da shi, don haka abin da ya zama kaso kaɗan a takardar gwamnati, a wani gidan rumbu ne ba ko zangarniya.

A ganina darasin 2004 bai shafi ƙarfin maganin feshi ba, ya shafi wuri da lokaci. Idan runduna ta riga ta tashi, tana sauya masauki kullum, sai an nemo inda ta kwana an fesa mata da sassafe kafin ta tashi, galibi da jirgin sama. Buga gwangwani da hayaƙi da manoma ke yi yana iya tayar da su daga gona ɗaya zuwa ta maƙwabci, ba ya rage ko ɗaya. Haƙa rami a gaban sahun ɗango a binne su ya fi wannan amfani, amma sai sahun bai yi yawa ba. Inda ake cin nasara da araha shi ne can cikin hamada, lokacin da ɗango ke 'yan ƙungiyoyi a cikin kwari, mota ɗaya da lita ɗaya na magani a kowace hekta ta isa. Akwai ma maganin da aka haɗa daga wata irin funfuna mai kama fara kaɗai, wanda aka gwada a Nijar, ba ya cutar da dabba ko tsuntsu. Aibinsa jinkiri, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin ya kashe, saboda haka ya fi dacewa da ɗango da ke nesa da gona.

Wannan ne aikin jami'an cibiyar yaƙi da fara ta Nijar da takwarorinsu na Mali da Muritaniya da Chadi. Hotunan tauraron ɗan Adam suna nuna musu inda hamada ta yi kore, su kuma su shiga mota su je su duba. In sun isa, sukan tona yashi da hannu su ji ko akwai danshin da zai ishi ƙwai. Su taka 'yan ɗaruruwan mita a ƙasa suna ƙirga farin da ke tashi a gabansu. Su duba ko ciyawa tana tsirowa ne ko tana bushewa, ko ɗangon kore ne ko ya fara ɗigon baƙi, ko kowane yana harkarsa ko sun taru a tsiro ɗaya. Duk abin da suka gani sukan aika ta na'ura zuwa cibiyarsu, daga can zuwa ofishin FAO a Roma, inda ake haɗa rahotannin ƙasashe a yi hasashe. Makiyaya da masu raƙuma sukan riga kowa gani, kuma labarinsu yana da daraja a wannan aiki.

Raunin tsarin shi ne faɗin wurin da kuma tsaro. Ko a shekarun lafiya, farar hamada tana warwatse a yanki mai murabba'in kilomita kusan miliyan 16, daga Muritaniya har Indiya, a ƙasashe wajen 30. Kwari ɗaya da aka kasa zuwa ya isa. A farkon 2012 fara ta hayayyafa a kan iyakar Libiya da Aljeriya lokacin da rikici ya hana jami'ai shiga, zuwa Yuni ta iso arewacin Nijar da Mali. A 2018 guguwar teku biyu, ɗaya a Mayu ɗaya a Oktoba, suka zubar da ruwa a hamadar kudancin Larabawa, inda ba hanya ba mutane, aka yi zubi uku ba wanda ya gani. Yaƙin Yaman ya ba su wurin ƙarawa, suka ƙetare zuwa Habasha da Somaliya, a ƙarshen 2019 suka shiga Kenya, wadda rabonta da irin wannan shekara 70 ke nan. Tamesna da arewacin Mali, inda farin da suka fi kusa da gonakin ƙasar Hausa ke zubin damina, suna cikin wuraren da a 'yan shekarun nan jami'i ba ya shiga sai da rakiyar soja, wasu sassan kuma ko da rakiyar ba a zuwa.